Idan Manemi Ya Ce "Me Ya Hana Ki Aure Har Yanzu?"

'Yan'uwana mata, musamman ku da mai dalilin aure ta haɗa da wani, ku daina jin wannan tambaya a matsayin gori. Sau da yawa mutumin so yake ya san inda zai sa ƙafa kafin ya turo magabatansa. Amsar da muka saba, "lokaci ne bai yi ba," gaskiya ce, amma idan kin tsaya nan kin rufe masa ƙofa, shi kuwa zai je ya nemi ƙarin bayani a bakin 'yan unguwa, su kuma ba za su faɗa da adalci ba. A ganina, ki ba shi dalili ɗaya na gaskiya, a taƙaice, fuska a sake. Ɗauki wadda aka fasa aurenta bayan gwajin jini. Ya ishe ta ta ce, "Malam, an taɓa sa mini rana, sai gwaji ya nuna ni AS ce, shi ma AS. A kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, shi ya sa muka haƙura. Kai fa, ka yi naka gwajin?" Ba ta ambaci sunan tsohon saurayin ba, ba ta aibata danginsa ba, domin duk wadda ta zauna tana tona asirin na baya, manemi zai ɗauka haka za ta yi masa gobe. Idan kuma ya ci gaba da tono bayan wannan, sai ta ce, "Sauran bayani sai mun ƙara fahimtar juna, in Allah ya so."