Tsohon Ma'auni Ba Ya Kama Sabuwar Na'ura

Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, mu malamai muke yaɗa jerin alamomin rubutun na'ura: Hausa mai warin fassara, hujjoji uku-uku, da rufewa da "a taƙaice". Wannan jeri ya tsufa. Alamomin sun samo asali ne daga horon da aka yi wa na'urorin farko. Sababbin kuwa, ana sake horar da su bisa zaɓin mutanen da ke tantance amsoshinsu, don haka ɗabi'ar da ta gunduri masu karatu tana raguwa. Kamfanin OpenAI ma ya janye manhajarsa ta gane rubutun na'ura a Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta.

Wanda jerin ke kamawa yau shi ne ɗalibin Badariya da ya bi tsarin insha'in da muka koya masa, a zarge shi da satar amsa, mai kwafa kuma ya tsira.

Idan yaro ya kawo insha'i kan bikin kamun kifi na Argungu, mu rufe takardar, mu tambaye shi amfanin homa da gora a Matan Fada. Wanda ya rubuta da kansa zai amsa. Kada mu hukunta kowa kafin wannan tambaya.