Waiwaye: Hoton layin banki da rubutun da ke ƙasansa

A watan Fabrairun 2023, wanda ya bi ta gaban banki a Kano ko Kaduna ya ga layi har bakin titi. Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin suna ɓacewa, sababbin kuma ba su wadata ba. Ga zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga watan yana ƙaratowa. Masu ɗaukar hoto sun samu abin ɗauka, kuma yawancin hotunan ba su da wani aibu. Layin rubutu guda da aka riƙa sa musu a ƙasa shi ya yi ta haɗa 'yan'uwa faɗa.

A ɗauki hoto ɗaya: dattijo zaune kan dakali, katin cirar kuɗi a hannu, mutane tsaye a bayansa. Wani ya rubuta: "Dubi yadda suka mayar da talaka." Bai ambaci kowa ba, yana ganin ya tsira. To amma su wa ke nan? A lokacin, wasu na ganin laifin gwamnan Babban Bankin, Emefiele, ne, wasu na shugaban ƙasa Buhari, wasu na cewa an yi ne don a hana sayen ƙuri'a, alhali gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara, 'yan jam'iyya mai mulki, su suka kai ƙara Kotun Ƙoli. Kowa sai ya cusa abokin hamayyarsa cikin wannan "suka", a yi ta cacar baki, a manta da dattijon. Zargin da ba a faɗi mai shi ba ya fi wanda aka faɗa tayar da ƙura, don kowa na iya tsarguwa.

Wani kuma tsoron rigima ya sa ya rubuta: "Jama'a na harkokinsu a bakin banki." Wannan ƙarya ce da aka yi wa kwalliya. Mutanen nan ba harka suke ba, kuɗinsu suke nema sun rasa. Ni a wajena wannan ya fi na farko muni, domin bayan shekaru wanda bai ga lokacin ba zai ɗauka haka abin yake.

Ga yadda za a rubuta shi: "Layin cirar kuɗi a wani banki a Kano, Fabrairu 2023, lokacin ƙarancin takardun naira. Wannan dattijo ya ce tun bayan sallar asuba yake nan." An faɗi wuri, an faɗi lokaci, an faɗi dalilin da ba mai musu a kansa. Wahalar tana nan ba a ɓoye ba, sai dai daga bakin mai ita ta fito. Sharaɗin shi ne ka tambaye shi da gaske, ka kuma nemi izininsa. In ba ka tambaya ba, ka tsaya ga abin da idonka ya gani. In kuwa akwai mai jar hula a layin, ba sai ka ambata ba. A Kano kowa ya san inda zancen zai dosa, hoton kuma ba a kan hula yake ba.

Kwanan watan nan ba ado ba ne. Hotunan layin 2023 na iya sake yawo gobe a matsayin na yau, kuma wanda aka rubuta wa shekara tun farko ya fi wuyar juyawa.

Zancen kuɗi ma haka yake, sai dai tarkonsa ƙanana ne. "Ragon layya, dubu ɗari biyu" labari ne, musamman in an ƙara kasuwa da shekara. Da ka saka "kacal", ka tsokani wanda albashinsa bai kai haka ba. Da ka saka "har", ka zargi mai sayarwa da tsawwalawa. Haka tambayar da ake liƙawa a ƙarshe, irin su "ina muka dosa?" Wanda ya tambaya, ai amsa yake nema.

Duk wannan ba ya nufin mai hoto ya haɗiye ra'ayinsa. In kana ganin manufar sauya kuɗin zalunci ce, rubuta hakan da gangan, ka ambaci wanda kake nufi, ka kawo hujja a rubutu mai tsawon da zai ɗauke ta, ka shirya wa martani. Kafin ka saki hoto dai, karanta rubutun kamar kai ne ɗan ɗaya ɓangaren. In ka ga kalmar da hoton bai nuna ba, kuma ba wanda ya faɗa maka ita, cire ta.