Waiwaye: Lahadin da Arzikin Najeriya Ya Ninka a Takarda

Ranar Lahadi 6 ga Afrilu, 2014, shugaban Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, Dakta Yemi Kale, ya sanar a Abuja cewa tattalin arzikin Najeriya na shekarar 2013 ba dala biliyan 270 ba ne kamar yadda aka ɗauka, ya kai wajen biliyan 510. A yini guda Najeriya ta sha gaban Afirka ta Kudu, ta zama ta ɗaya a nahiyar. Washegari mudun gero na nan a kuɗinsa, albashi na nan yadda yake. Bayan kwana takwas bam ya tashi a tashar motar Nyanya, a daren ranar kuma aka kwashe 'yan matan Chibok.

Masu cewa gwamnati ta yi ƙarya a lokacin ba su yi adalci ba. Ma'aunin GDP jimillar darajar kaya da ayyukan da aka samar a cikin ƙasa ne a shekara, kuma ana lissafa shi ne bisa farashi da fasalin tattalin arziki na wata shekara da aka ɗauka tushe. Najeriya ta daɗe tana amfani da 1990, zamanin da babu wayar salula, Nollywood ma ba ta kafu ba. Da aka matsar da tushen zuwa 2010, sai harkar sadarwa da a da ake ba ta ƙasa da kashi 1 cikin 100 ta haura kashi 8, kason man fetur kuma ya sauko daga kusan kashi ɗaya cikin uku zuwa wajen kashi 14. Gyara ne da ya kamata a yi tun tuni. Inda aka ɓata shi ne wajen fassara, domin 'yan siyasa sun riƙa yawo da adadin kamar shaida ce ta cewa talaka ya ji sauƙi.

Simon Kuznets, wanda ya haɗa wa majalisar Amurka lissafin kuɗin shigar ƙasa a 1934, a cikin rahoton nasa ya yi kashedin cewa da wuya a gane jin daɗin al'umma daga irin wannan lissafi. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ma'aunin kamar mai ƙidayar buhuna ne a ƙofar kasuwar Dawanau: ya san nawa suka shigo, bai san gidan da aka ɗora tukunya ba. Gangar ɗanyen man da aka haƙo aka sayar duk riba ce a wurinsa, ba ya cire cewa ta tafi ke nan, ba ya cire kifin da ya mutu a ruwan da man ya malala. Kuɗin da magidanci ya kashe wa janareta saboda rashin wuta ƙari ne a lissafin. Matar da ta yini tana girki da raino da jinyar suruka kuwa, tun da ba a biya ta ba, a wurin ma'aunin ba ta yi aikin komai ba.

Shi ya sa a 1990 Mahbub ul Haq, masanin tattalin arziki ɗan Pakistan, da taimakon Amartya Sen, ya fito da ma'aunin ci gaban ɗan'adam a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya haɗa tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga. An matsa gaba, sai dai shi ma matsakaicin ƙasa yake bayarwa, attajiri da almajiri a tukunya ɗaya. Wanda ya fi burge ni shi ne ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa, da masu bincike na Jami'ar Oxford da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar suka fara fitarwa a 2010, saboda shi gida-gida yake bi.

Ga yadda ake yin na duniya. A ɗauka maki 18 ne gaba ɗaya. Lafiya na da 6: uku idan akwai mai fama da rashin abinci mai gina jiki a gidan, uku idan yaro ya rasu cikin shekara biyar da suka wuce. Ilimi na da 6: uku idan babu wanda ya kammala shekara shida a makaranta, uku idan akwai yaron da ya isa zuwa makaranta amma ba ya zuwa. Sauran shidan na zaman gida ne, ɗaya-ɗaya: abin girki, makewayi, ruwan sha, wutar lantarki, ginin gida, da kayan mallaka irin su rediyo da waya da babur. Gidan da ya tara maki 6 an sa shi cikin matalauta. To, a ɗauki manomin da ya samu damina mai kyau, yana da babur da waya, rumbunsa cike. 'Yarsa mai shekara tara tana talla maimakon makaranta, uku ke nan. Da itace ake girki, ƙauyen babu wuta, ruwa kuma daga buɗaɗɗiyar rijiya ake ja, wasu ukun ke nan. Ya cika shida, alhali idan kuɗi aka duba yana iya tsallake layin talauci. Amfanin wannan lissafi shi ne yana nuna wa shugaban ƙaramar hukuma aikin da zai yi: fanfon burtsatse ɗaya a kusa da gidajen zai cire wa kowane irin wannan gida maki guda, makarantar da yarinyar za ta zauna a ciki ta cire uku.

A Nuwamba 2022 hukumar ƙididdigar ta fitar da irin nata, da ma'aunai 15, har da rashin aikin yi da matsalar tsaro. Sakamakon: kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasa, mutum miliyan 133, suna cikin wannan talauci, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. Sakkwato ce a sama da kashi 91, Ondo a ƙarshe da kashi 27. Wadda ta bi wa Sakkwato ita ce abin mamaki: Bayelsa, jihar Oloibiri inda aka fara samun man fetur na sayarwa a 1956, da kusan kashi 89. A binciken talaucin kuɗi na 2018 zuwa 2019 matalautan Bayelsa ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Rijiyoyin mai sun ɗaga lissafin ƙasa, kuɗi na yawo a jihar, amma mutumin da ke cikin fadamun ruwa bai da tsabtataccen ruwan sha, asibiti kuma sai ya shiga kwalekwale.

Wannan ma'auni ma ba wahayi ba ne. Yana ƙidaya zuwa makaranta, ba ya tambayar ko yaron ya iya karatu, kuma duk wanda ya leƙa wasu firamarenmu ya san tazarar da ke tsakanin biyun. Rabon makin ma mutane ne suka zauna suka yanke. Wani zai ce tsaro ya fi ƙarfin abin da aka ba shi, kuma a Zamfara ba zan yi masa gardama ba. Ga shi binciken na da tsada, ba a yin sa duk wata uku kamar GDP, don haka adadin da ya fi kusa da rayuwar mutane shi ne ake jin sa jefi-jefi.

A 2025 an sake matsar da shekarar tushe zuwa 2019, adadin ya sake kumbura. Babu laifi, mai tsara haraji da mai cin bashi suna bukatarsa. Amma mai karatu, idan gwamnanku ya zo da labarin bunƙasar arzikin jiha, ka tambaye shi kashi nawa jihar ta samu a rahoton 2022, kuma yaushe za a sake aunawa a ga ko ya sauka.