«Madogara: Google» Ba Madogara Ba Ce: Hotunan Mai Wurno a Allon Majigi

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a ɗakunan gabatar da maƙala na jami'o'i. Ɗalibi zai haska hoto a allon majigi, a ƙarƙashinsa kuma ya rubuta «Madogara: Google», malamai su gyaɗa kai, a wuce. Ɗaliban da ke karɓar jan biro saboda waƙafi ɗaya da ya kauce a jerin manazarta, su ne ake ƙyalewa su ɗauko hoton wani su jingina shi ga injin bincike. Google bai taɓa tsayawa a bakin Kogin Nilu da kyamara ba. Ɗan jagora ne da ya nuna ƙofar gida, kuma nuna ƙofa ba ya mayar da mutum mai gida.

Illar wannan sakaci ta fi fitowa fili idan batun ya shafi wurin da hotunansa ba su da yawa. A ɗauki ɗalibar da aka ba ta aikin gabatar da tarihin Hausawa da Fulanin Sudan. Za ta fara da yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ta bi sawun ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno da jama'arsa zuwa gabas, har su yada zango a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sannar, a garin da har yau ke amsa sunansa. Daga nan ta zo kan madatsar ruwan Sannar da aka kammala a 1925, da shirin noman auduga na Jazira wanda ya ci gumin dubban 'yan ƙwadago daga Afirka ta Yamma, da yawansu maniyyata ne da tafiyar Makka ta tsaya musu a hanya. Tana buƙatar hoton garin, da na madatsar, da taswira, da 'yan ƙananan alamomi na ado. Ta rubuta sunan garin a Google, hotuna suka zubo, ta ɗebi wanda ya fi kyau.

To, wa ya ce hoton Mai Wurno ne? Injin yana kawo duk hoton da ya tarar kusa da kalmar da aka nema, ko da kasuwar Omdurman ce, ko wani ƙauye na Kano da aka ƙawata labari da shi. Idan aka haska shi ba sunan wanda ya ɗauka, ba wuri, ba shekara, 'yan aji hamsin za su fita da hoton ƙarya a zukatansu, kuma babu mai iya bin diddigi. Al'ummar da ta gaji ilimin isnadi, wadda ba ta karɓar magana sai ta ji daga wa aka ji ta, bai kamace ta ta karɓi hoto marar asali ba. Layin da ake rubutawa ƙarƙashin hoto hujja ce kafin ya zama ladabi.

Masu kare ɗabi'ar suna da uzuri biyu. Na farko, wai abin da ke intanet na kowa ne matuƙar ba a ga alamar © a jikinsa ba. Wannan kuskure ne tsantsa. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne, wadda Nijeriya da Nijar da Sudan duk suna cikinta, haƙƙin mallaka yana tabbata ne daga lokacin da aka ɗauki hoto, ba tare da rajista ko wata alama ba. Uzuri na biyu ya fi ƙwari: ai karatu ake yi, ba ciniki ba. Gaskiya ne dokokin ƙasashe da dama sun yi sassauci ga koyarwa da bincike. Amma sassaucin yana da iyaka, ga shi kuma shafukan majigi na wannan zamani ba sa kwana a aji. Kafin magariba an mai da su PDF, sun shiga zaurukan WhatsApp, wani ya ɗora su a intanet. Abin da aka yi wa uzuri a gaban mutum hamsin ya koma wallafa.

Akwai kuma ɓangaren masu tsoron Allah da suka faɗa wani ramin daban, su ne masu zaton cewa ambaton suna ya wadatar. Ambato daban, izini daban. Wanda ya hau keken maƙwabci ba da saninsa ba, ya rataya allo mai cewa «keken Malam wane ne», bai fita daga laifi ba. Littafin Mark Duffield a kan Mai Wurno, wanda ya fito a 1981, madogara ce ta ƙwarai, amma abin da ke cikinsa yana da masu shi. Taskar Sudan da ke Jami'ar Durham a Ingila tana da ɗimbin hotunan zamanin mulkin mallaka, kuma ganinsu a kundinta na intanet ba izinin kwafa ba ne. Akan rubuta musu a nema. Tsufan hoto kaɗai ba ya 'yanta shi. Haka nan tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, kuma Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar shekarar, yawancin sababbin hotunan Jazira da bincike ke kawowa na kamfanonin dillancin labarai ne irin su AFP da Reuters, waɗanda sayar da hoto shi ne abincinsu. Ban da haƙƙin mai kyamara, fuskokin da ke ciki na mutanen da aka raba da gidajensu ne, kuma ba kayan adon shafi ba ne.

Hanyar halal ba ta da wuya, sai dai tana son haƙuri na 'yan mintuna. Ɗalibar ta fara da Wikimedia Commons ko Openverse, inda kowane hoto ke tafe da lasisinsa. Sunan garin yana da rubutu iri-iri, don haka ta gwada `Maiurno`, ta gwada `مايرنو`, madatsar kuma ta neme ta da `Sennar Dam` ko `خزان سنار`. Idan sai ta bi ta Google, a sashen hotuna akwai `Tools`, ƙarƙashinsa `Usage rights`, sai `Creative Commons licenses`. Wannan rariya ce mai manyan ƙofofi. Dole a buɗe ainihin shafin da hoton yake a karanta lasisin da ido. A Commons ɗin ma akan samu wanda ya ɗora hoton jarida ya ce aikinsa ne. Alamun suna bayyana: hoton ƙarami ne ƙwarai, ko akwai tambari a kusurwarsa, ko babu bayanin kyamara. Idan zuciya ba ta kwanta ba, a saka shi a TinEye a ga inda ya fara bayyana.

Haruffan lasisin su ne sharuɗɗan aron. `CC0` na nufin mai hoton ya yafe haƙƙinsa gaba ɗaya. `CC BY` ya yarda a yi amfani, a gyara, har a yi kasuwanci, da sharaɗin a ambace shi. `SA` ya ƙara cewa wanda ya sarrafa hoton ya fitar da wani sabon abu, dole ya saki sabon a kan irin lasisin. Amma ɗora hoton yadda yake a shafi ɗaya ba ya tilasta wa dukan maƙalar shiga ƙarƙashinsa, kuma nan ne mutane da yawa ke tsorata a banza. `ND` ya hana yaɗa hoton da aka sauya, don haka kada a canza masa launi ko a yi rubutu a kansa. `NC` ya hana kasuwanci: gabatarwar aji ta tsira, amma malamin da zai ɗauki shafukan nan zuwa bitar da ake biyan kuɗin shiga ya shiga gonar da ba tasa ba.

Ga filayen Jazira kuwa akwai wata taska da ba a cika tunawa da ita ba. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, waɗanda hukumomin NASA da USGS na Amurka ke fitarwa, mallakar kowa ne, kuma a cikinsu magudanan ruwa da gonakin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu suna fitowa kamar saƙar tabarma. Taswira ma tana samuwa a OpenStreetMap, da sharaɗin a rubuta `© OpenStreetMap contributors` a jikinta. Unsplash da Pexels ba sa tilasta ambato, amma a nan ne haɗarin hoton ƙarya ya fi yawa, domin mai neman ƙauyen Hausawa na Sudan zai iya ƙarewa da kyakkyawan hoton raƙumi daga Maroko.

Ƙananan alamomi su ma zanen wani ne, ko da girmansu bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Na kyauta a Noun Project galibi suna kan `CC BY 3.0`, sai an ambaci mai zanen. Na Font Awesome na kyauta suna kan `CC BY 4.0`. Alamar auduga da ta kwalekwale za a iya tara ambatonsu a shafin ƙarshe, tunda babu wanda zai ɗauke su hujjar tarihi.

Hoto kam, ambatonsa ya zauna tare da shi, domin shafi ɗaya yakan ɓalle ya yi tafiyarsa shi kaɗai a wayoyi. Abu huɗu Creative Commons ta ba da shawarar a kawo: sunan hoton, sunan mai shi yadda ya rubuta shi ko da laƙabi ne, inda aka samo shi, da lasisin tare da lambarsa. Ga siffar layin:

```
«Sunan hoto», na Wane, Wikimedia Commons, CC BY-SA 4.0, an datse gefe
```

Kalmomin ƙarshen ba ƙari ba ne: lasisin 4.0 ya wajabta a faɗa idan an taɓa hoton. A maƙala adireshin shafin hoton da na lasisin a jikin kalmomin, a kuma rubuta su a fili a shafin ƙarshe saboda wanda zai buga a takarda. Wanda ya saɓa sharaɗin ambato, izininsa ya faɗi nan take. Sai dai siga ta 4.0 tana mayar masa da shi idan ya gyara cikin kwana 30 da gano kuskuren, rangwamen da tsofaffin sigogi irin 2.0 da 3.0 ba su tanada ba.

Saura tambaya mai ɗaci: idan ɗalibar ta bincika duk waɗannan wurare ba ta sami hoton Mai Wurno mai lasisi ba fa? Sai ta bar gurbin ga taswira da hoton Landsat, ta faɗa wa aji cewa ba ta samu ba. Wannan ma sakamakon bincike ne, kuma ya fi cancantar maki a kan hoton aro. Idan kuma tana da hanyar wani ɗan garin, ko dangin da suka taɓa zuwa ziyara, ta roƙi hoto, ta nemi izinin a rubuce ko da saƙon waya ne, ta tambayi wuri da shekara, ta kuma tambayi sunan da mai hoton yake so a ambata. A halin da Sudan ke ciki, wani zai fi son kada a ambaci sunansa sam. Sai a rubuta «da izinin mai hoton, Mai Wurno» da shekarar, a adana saƙon izinin ko da mai duba aikin zai nema.