Gudummawar buɗe shago: kuɗi a hannu ya fi agogon bango

A Karaye da Rogo, idan matashi ya buɗe shagon kayan masarufi, abokai kan haɗa kuɗi su kai masa agogon bango, ko kalanda mai hotonsa. A ci fura, a yi addu'a, a watse. Bayan mako biyu sai ɗaya daga cikinsu ya dawo ya ce, "Mutumina, ba ni katan ɗin taliya, sai kaka."

A nan jarin yake fara zurarewa. Yankin na manoma ne, kuɗi ba ya yawo sosai sai an girbe amfanin gona. Mai sabon shago kuwa ba zai iya jiran kaka ba, domin dillalin da yake saro kaya a wajensa a kasuwar Singa ta Kano bai san shi ba tukuna, balle ya ba shi kaya bashi.

A ce ya saro katan a kan naira 20,000, yana sayarwa 21,000. Ribarsa dubu ɗaya ce, tun ba a cire kuɗin mota ba. Idan aboki ya ɗauki katan ɗaya bai biya ba, sai mai shagon ya sayar da katan ashirin kafin ya cike gurbin. Agogon da aka kai masa ba zai biya ko rabin wannan asara ba.

Saboda haka kyautar da ta fi amfani ita ce wadda za ta shiga jari. A tambaye shi abin da ya rage bai saro ba, a sayo masa: sabulu, sukari, man gyaɗa, kayan da ke fita kullum. Ko a ba shi kuɗin, amma a faɗa ƙarara cewa kyauta ce. Zumunci da yawa ya lalace saboda mai bayarwa yana ganin rance ya bayar, mai karɓa yana ganin gudummawa ce.

Masu hali sukan yi tunanin firiza. Niyya ce mai kyau, sai dai inda wutar lantarki ba ta tsayawa, firiza na jawo sayen janareta da fetur, wato an ɗora masa kashe kuɗin da bai shirya ba. Fitila mai aiki da hasken rana, wadda za ta ba shi damar ciniki bayan magariba, ta fi dacewa da ƙaramin shago.

Wanda ba shi da abin bayarwa ma bai rasa hanya ba. Ya mayar da cefanen gidansa shagon, ya biya nan take, kuma kada ya nemi ragin abota a watannin farko.