Mai a ruwan taliya ɓarna ce

A gidajenmu na Blitta, da zarar za a dafa taliya sai a ɗiga man gyaɗa a ruwa, wai kada ta manne. A ganina asarar mai ce kawai. Mai sama yake tsayawa, taliya kuwa tana ƙasa. In an tsane ta ma, santsinsa ke hana miya kama ta.

Abin da ke manna taliya sitaci ne, wanda take saki a mintuna biyun farko. Maganinsa ruwa da juyawa. Fakitin giram 500, irin na shagunan Sokodé, yana son ruwa lita huɗu zuwa biyar, ba 'yar tukunyar shayi ba. A bari ya tafasa sosai, a zuba gishiri babban cokali biyu, sannan taliya, a juya nan take. Gishirin da aka barbaɗa daga baya ba ya shiga cikinta.

Kada a tafi hira. Bayan minti takwas a ciro sili ɗaya a gutsura. In akwai ɗan farin ɗigo a tsakiya, a tsane, ta ƙarasa cikin miya. Indomi kuwa minti uku ya ishe ta, kuma ba ta son gishiri, garin ɗanɗanonta ya wadatar.