Bishiyar Shawara: Kafin Ki Zuba Kuɗin Adashinki A Sabuwar Haja

A makon nan zancenmu na lissafi ne, amma kada wadda ta ninke jaridar don ta ji an ce lissafi. Duk macen da ta iya ƙirga canji ranar kasuwa za ta iya bin abin da zan faɗa.

Abin da ya jawo maganar shi ne yayata da mu ke zaune tare a nan Zuru. Shekara da shekaru sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Bana ta kwashi adashi, naira 120,000, sai ta ƙudura za ta fito da sabon abu, watau garin kunun yara na dawa da waken soya da gyaɗa, a soya, a niƙa, a ɗura a leda a liƙe da tambarinta. Wata ƙawarta ta ce kasuwa na jiranta. Maigidanta ya ce wanda ya riƙe tsuntsu a hannu ba ya sakinsa don na sama. Aka kwana uku ana ja-in-ja. Da na ga abin ya ƙi ƙarewa, sai na ɗauko takarda da fensir na ce, "Yaya, zo mu zana bishiya."

Wannan dabara ba tawa ba ce. Manyan kamfanoni sun daɗe suna aiki da ita, kuma wani Ba'amurke mai suna John Magee ya bayyana ta ga 'yan kasuwa a mujallar Harvard Business Review a 1964. Ga yadda a ke yi. A gefen hagu na takarda ki zana ɗan akwati mai kusurwa huɗu. Akwati alama ce ta wurin da zaɓi ya ke hannunki. Daga jikinsa ki ja layi ɗaya ga kowace hanya da za ki iya bi, su ne rassa. Inda kuwa al'amari ya fita daga hannunki, kamar ko masu saye za su so kayan ko za su ƙi, sai ki zana da'ira, ita ma ki fitar mata da rassa. A ƙarshen kowane reshe, can gefen dama, ki rubuta riba ko hasarar da za ta same ki in an bi ta nan. Ana zana bishiyar daga hagu zuwa dama, amma lissafin daga dama a ke faro shi a komo hagu.

Reshen farko na Yaya mai sauƙi ne. In ba ta yi garin ba, za ta zuba kuɗin a gyaɗa kamar yadda ta saba, kuma bisa ga abin da ta sani na sana'arta, cikin wata 6 zai kawo mata ribar naira 40,000. Ku lura da wannan, domin nan mata da yawa su ke tuntuɓe. Sukan rubuta sifiri a reshen "ban yi ba", kamar kuɗin zai kwanta a ƙarƙashin katifa. Sabuwar haja ba da sifiri ta ke gasa ba, da naira 40,000 ɗin nan ta ke yi.

Reshe na biyu shi ne ta fito da garin gaba ɗaya: ta sayi injin liƙe leda, da leda, da tambari, da hatsi, ta biya kuɗin niƙa. Na kuma tuna mata cewa abincin da a ke ɗurawa a leda a sayar yana bukatar rajistar hukumar NAFDAC, sai ta sa wannan cikin abin da za a kashe. Mun yi ƙiyasi, in garin ya karɓu, bayan an cire duk abin da aka kashe, za ta ci ribar naira 200,000 cikin wata 6 ɗin. In ya ƙi, za ta sayar da injin da ragowar hatsi ta ceto 30,000, watau hasarar 90,000 ke nan. Waɗannan lambobi nata ne, ke sai ki sa naki. Sharaɗi dai shi ne riba a ke rubutawa ba ciniki ba, kuma tsawon lokacin ya zama ɗaya a kowane reshe.

Sai muka zo wuri mai wuya. Na tambaye ta, in mata 10 irinta suka fito da wannan gari a garin nan, nawa za su dace? Ta ce 8, ko numfashi ba ta ja ba. Na ce, "Yaya, ƙirga mini matan da kika sani sun fito da sabon abu a unguwar nan, mai awara, mai sabulu, mai zoɓo na gora. Nawa ne har yau su ke yi?" Ta yi ta lanƙwasa yatsu, daga ƙarshe ta yi dariya ta ce rabi. Muka rubuta 5 cikin 10 a reshen karɓuwa, 5 cikin 10 a reshen ƙi. Dole rassan da'ira ɗaya su haɗu su cika 10 cif.

Yanzu sai a auna kowane sakamako da yiwuwarsa. Rabin 200,000 shi ne 100,000. Rabin hasarar 90,000 shi ne 45,000. A cire, saura 55,000. Wannan shi a ke kira kuɗin da a ke tsammani daga reshen, sai a rubuta shi bisa da'irar. Ma'anarsa, da mata 10 za su yi, 5 su ci, 5 su faɗi, sa'an nan a tara a raba daidai, kowace za ta tashi da 55,000. To, 55,000 ya fi 40,000, saboda haka bishiya ta ce a yi.

Yaya ta miƙe za ta tafi kasuwa, na riƙo zanenta. Na ce mu gwada, in ashe 4 ne cikin 10 su ke dacewa fa? Kashi 4 cikin 10 na 200,000 shi ne 80,000. Kashi 6 cikin 10 na 90,000 shi ne 54,000. Saura 26,000, ƙasa da ribar gyaɗa. Kun gani? Mace ɗaya tak cikin 10 ta juya hukuncin. Iyakar tana wajen 45 cikin 100, mu kuwa ƙiyasinmu na 50 da yatsu aka yi shi a tsakar gida. Duk sa'ad da ɗan motsi irin wannan ya kifar da amsarki, bishiyar tana gaya miki ba ki san kasuwar sosai ba tukuna.

Nan ne reshe na uku ya fito, wanda a kwana ukun nan na gardama ba wanda ya ambata: a gwada kaɗan kafin a zuba duka. Ta yi 'yan mudu kaɗan, ta ari inji, ta kai kasuwar Zuru da ta Dabai har sau uku. Mun ƙiyasta gwajin zai ci naira 10,000, bayan an cire ɗan cinikin da za a yi.

Gwaji ba ya faɗin gaskiya kullum, tilas a sa wannan a lissafi. Mu koma ga matanmu 10. Muka ɗauka cewa cikin 5 da garinsu zai karɓu, gwaji zai yi kyau ga 4, ya ɓata wa 1 suna a banza. Cikin 5 da garinsu zai ƙi, gwaji zai tona 4, ya ruɗi 1. Ke nan gwaji zai yi kyau ga mata 5, kuma 4 daga cikinsu za su dace, watau 8 cikin 10. Ga wadda gwajinta ya yi kyau: kashi 8 na 200,000 shi ne 160,000, a cire kashi 2 na 90,000, watau 18,000, saura 142,000. Lalle ta ci gaba. Ga wadda gwajinta ya ɓaci, yiwuwar dacewa ta faɗo zuwa 2 cikin 10: 40,000 a gefen riba, 72,000 a gefen hasara, watau tsammaninta hasarar 32,000 ce. Sai ta ja layi biyu ta datse wannan reshe, ta koma ga gyaɗarta da 40,000 ɗinta.

Mu komo hagu. Rabin 142,000 shi ne 71,000, rabin 40,000 shi ne 20,000, jimla 91,000. A cire kuɗin gwaji, saura 81,000. Ga rassa uku a jere: 40,000, da 55,000, da 81,000. Har ila yau lissafin ya nuna iyakar abin da ya kamata a kashe wa gwaji. Bambancin 91,000 da 55,000 shi ne 36,000, gwajin da ya wuce haka ya cinye amfanin kansa.

Ni abin da ya fi burge ni a reshe na uku ba 81,000 ba ne. Da ta zuba gaba ɗaya, yiwuwar babbar hasara 5 ce cikin 10. Da gwaji ta koma 1 cikin 10. Wannan yana da nauyi, domin Yaya ba mata 10 ba ce, ita kaɗai ce, sau ɗaya za ta yi, kuma ba za ta taɓa ganin 55,000 a hannunta ba: ko 200,000, ko hasarar 90,000. Tun 1738 wani masanin lissafi na ƙasar Suwizalan, Daniel Bernoulli, ya nuna cewa kuɗi ɗaya ba darajarsa ɗaya ba ga mai yawa da mai kaɗan. In kuɗin makarantar yara ne, ko bashi kika ci, ki dubi reshe mafi muni tukuna. In ba za ki iya ɗaukarsa ba, ki datse shi komai kyawun lambar da ke bisa da'irar.

Gwajin kansa ana iya ɓata shi. In kika sayar wa dangi da maƙwabta, kunya ce ta saya, ba bukata ba. In kika karya farashi don kaya su ƙare, kin gwada wani farashi ne dabam da wanda za ki rayu da shi. Ko manya abin yakan ci su. Kamfanin Coca-Cola ya ɗanɗana wa mutane kusan 200,000 sabon lemonsa kafin ya fito da shi a Amurka a watan Afrilu na 1985, amma cikin kwana 79 ya dawo da tsohon. Kurɓa ɗaya dabam, saye kullum dabam. Don haka na ce wa Yaya kada ta ƙirga ledar da ta sayar, ta ƙirga uwar da ta dawo ta sake saye da kuɗinta. Ta kuma ajiye leda biyu a ɗaki ta riƙa shinshinawa duk mako, domin gari mai gyaɗa yana da mai, in ya daɗe cikin zafi warinsa yakan sāke, kuma gwajin kasuwa uku ba zai nuna mata wannan ba.

Kafin ta fita ranar farko muka rubuta sharaɗi a ƙasan takardar, don kada son abin ya sa ta fassara sakamakon yadda ta ga dama: cikin iyaye 20 na farko da ba danginta ba, in 10 sun dawo kafin kasuwa ta uku, gwaji ya yi kyau. In ba su kai ba, a sayi gyaɗa. Maigidanta ya karanta ya sa hannu, ita ma ta sa. An ci kasuwa biyu yanzu, 7 sun dawo. Takardar tana manne a bayan ƙofar ɗakinta, saura kasuwa ɗaya.